Kundin aikin wasan kabu-kabu: kwano mai rawa da kwalta mai dishi-dishi

Asabar, 9 ga Nuwamba 2024

Hanya ta miƙe, moto yana tafiya, birki yana ci. Wasan yana gudana cikin burauzar waya da WebGL2. Abin da ke ciki zuwa yanzu guntun kwalta ne da na kwaikwaya daga hanyar da ta fita Maradi ta nufi Ɗan Isa, da shingayen kwano a gefe, da ƴan shaguna, da itatuwan bedi. Fuskar da nake gwaji a kanta fiksel 1280 ce a kwance, 720 a tsaye. Kamara tana mita ɗaya da rabi daga ƙasa, daidai idon mai tuƙi, kuma buɗewarta daga sama zuwa ƙasa digiri 60 ce. Na rubuta waɗannan lambobi ne don duk lissafin da zai biyo baya a kansu zai hau.

Matsalar yanzu ita ce kwano. In moto yana tsaye komai lafiya. Da ya motsa, shingen da ke nesa sai ya kama rawa: manyan layuka masu lanƙwasa suna yawo a jikinsa, akwai ma wurin da shingen gaba ɗaya yake haske ya yi duhu kamar ana kunna shi ana kashewa. Na kusa kuwa ko gezau.

Zanen kwanon, wato hoton da na shimfiɗa a jikin shingen, yana da teksel 256 a kowace mita. Teksel shi ne ɗigo ɗaya na hoton zane, fiksel kuma ɗigo ɗaya na fuskar waya. Tudu da kwarin kwano na bi ma'aunin da aka saba, milimita 76 daga tudu zuwa tudu. Da kamarar da na faɗa, fiksel ɗaya yana rufe faɗin da ya kai nisan abu a raba da 624. Wannan 624 ta fito ne daga rabin tsayin fuska, 360, a raba da `tan(30°)`. A mita 10, fiksel ɗaya yana cin milimita 16 na kwano, kowane tudu yana samun fiksel kusan biyar, sai ya fito sarai. Amma tudu da kwari suna bukatar aƙalla fiksel biyu kafin a iya nuna su, ɗaya mai haske ɗaya mai duhu. Wannan iyaka tana faɗowa wajen mita 24, kuma daga nan rawar take farawa.

Wajen mita 47 abin ya fi muni. A nan faɗin fiksel ya yi daidai da tazarar tudu ɗaya. Kowane fiksel yana faɗawa wuri iri ɗaya a jikin nasa tudun, in ɗaya ya dace da haske duka sun dace, in kamara ta gusa kaɗan duka su faɗa kwari. Kunnawa da kashewar da nake gani ke nan.

Tacewar da nake amfani da ita yanzu `gl.LINEAR` ce, mai karanta teksel huɗu na kusa da tsakiyar fiksel ta gauraya su. A mita 47 akwai teksel wajen 20 sau 20, kusan 400, a ƙarƙashin fiksel ɗaya, ita kuma huɗu kawai take tambaya. Kamar a ba mutum tiyar gero gauraye da wake, ya rufe ido ya tsinci ƙwaya ɗaya, a ce ya faɗi launin tiyar. Yanzu ya ce fari, anjima ya ce toka-toka, kuma bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya.

Talata, 12 ga Nuwamba 2024

Wani abokin karatuna daga jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ya ce in kunna `antialias: true`. A kunne yake tun farko, kuma ba zai taɓa wannan matsala ba. Irin wannan gyara yana ƙara samfuri ne a bakin siffofi, inda shinge ya haɗu da sama misali, amma launin cikin siffa sau ɗaya ake lissafa shi ga kowane fiksel. Bakin shingen sumul, cikinsa yana rawa. Wannan ma hanya ce ta rarrabe cutar: in rawar a gefen abu take, maganinta daban, in a cikin jikinsa take, zane ne.

Abin da ya dace fiksel ya nuna shi ne matsakaicin duk teksel ɗin da ke ƙarƙashinsa. Karanta 400 ga kowane fiksel a kowane hoto ba mai yiwuwa ba ne a waya. Dabarar da Lance Williams ya wallafa a 1983 ita ce a yi wannan gaurayawa tun kafin a fara wasa, a ajiye. Ana ɗaukar hoton asali a rage shi rabi a tsaye rabi a kwance, kowane teksel huɗu su koma ɗaya, sannan a sake rage wannan, har a kai teksel ɗaya tal. Wannan jerin shi ne mifmaf. Hoto mai 1024 sau 1024 yana ba da matakai 11: mataki na 0 shi ne asali, na 1 yana da 512, na 2 yana da 256, har na 10 mai ɗigo ɗaya.

Na ɗauka wuri zai ci sosai, amma lissafinsa mai sauƙi ne. Kowane mataki rubu'in na gabansa ne, kuma rubu'i da rubu'in rubu'i har ƙarshe ba su wuce sulusi ba. Zanen kwalta mai megabait 4 ya koma 5 da sulusi.

```js
gl.generateMipmap(gl.TEXTURE_2D);
gl.texParameteri(gl.TEXTURE_2D, gl.TEXTURE_MIN_FILTER,
                 gl.LINEAR_MIPMAP_LINEAR);
```

Yadda GPU, ɓangaren waya mai zana hoto, take zaɓen mataki shi ne abin lura, don a nan ne matsala ta gaba za ta fito. Ba nisa take aunawa ba, ba ta ma san mita ba. Tana aiki da fiksel huɗu-huɗu, biyu sau biyu, ta duba: in na matsa fiksel ɗaya zuwa dama, teksel nawa na tsallake a cikin zane? In na matsa ɗaya zuwa ƙasa fa? Sai ta ɗauki wanda ya fi girma cikin amsoshin biyu, ta yi masa `log2`. Shingen da ke fuskantar kamara a mita 47 yana ba da wajen 20 ta kowane gefe, `log2` ɗinsa 4.3, wato tsakanin mataki na 4 da na 5. `LINEAR_MIPMAP_LINEAR` tana karanta teksel huɗu a wannan, huɗu a wancan, ta gauraya, takwas ke nan. Na gwada `LINEAR_MIPMAP_NEAREST` mai tsayawa a mataki ɗaya, sai ga wani layi a kan kwalta yana tafiya gaban moto, inda mataki yake sauyawa farat ɗaya. Na koma ta farko.

Kwano ya daina rawa. Daga wajen mita 24 tudu da kwari suna narkewa a hankali su zama toka-toka bai ɗaya, kuma haka ido yake ganin kwanon gaske daga nesa. Wasan ma ya ɗan ƙara sauri, don fiksel maƙwabta yanzu suna karatu a wuri ɗaya cikin ƙaramin hoto, ba tsalle-tsalle cikin babba ba.

Lahadi, 17 ga Nuwamba 2024

Na kai wa kawuna wayar. Shi ne ainihin ɗan kabu-kabun gidanmu, kuma shi nake tambaya in ina son sanin ko abu ya yi kama da hanya. Ya ɗan tuƙa, ya miƙo mini.

"Kai yaro, hazo ka sa a ciki?"

"A'a Kawu, ban sa hazo ba tukuna."

"To ina farin layin ya tafi? Shagon can ina karanta rubutunsa, amma kwaltar da ke gabansa kamar an shafe ta da tsumma. Ni a kan moto layin nake bi da ido, ba shago ba."

Ya gano wurin daidai. Bango da ƙasa suna nisa ɗaya, bango yana fitowa sarai, ƙasa ta yi dishi-dishi. Farin layin tsakiyar hanya yana nan lafiya har wajen mita goma, daga nan ya kumbura ya dushe, a mita talatin ya zama wani faffaɗan haske marar baki. Kafin mifmaf layin yana nan, sai dai yana tsinkewa yana rawa. Yanzu ya daina rawa, ya kuma daina zama layi.

Litinin, 18 ga Nuwamba 2024

Kafin in taɓa komai na so in ga matakan da idona. Na yi wani zane na gwaji wanda ban bar `generateMipmap` ta cika shi ba. Na zuba kowane mataki da hannu ta `texImage2D`, kowanne da launinsa guda: fari, ja, ɗorawa, kore, shuɗi, haka dai. Na shimfiɗa shi a ƙasa da kuma a bangon da ke fuskantar kamara, duka biyun teksel 128 a mita, daidai da kwaltar gaske, wadda take 1024 a kan mita 8.

A bango launi yana sauyawa ne duk lokacin da nisa ya ninka: mataki na 1 wajen mita 10, na 2 wajen mita 20, na 3 wajen mita 39. A ƙasa kuwa launukan sun cushe, suna bin juna da sauri: na 3 tun kafin mita 8, na 5 a mita 15, na 7 a mita 30. Bangon da ke mita 30 bai kai mataki na 3 ba, ƙasar da yake tsaye a kanta tana na 7.

Dalilin yana cikin siffar inuwar fiksel. In ka harba fiksel ɗaya daga kamara ya faɗa kan bangon da ke kallonka, wurin da ya rufe murabba'i ne, faɗi da tsawo ɗaya. In ya faɗa ƙasa, a karkace yake sauka, sai ya miƙe ya zama dogon tsiri. Faɗinsa bai sauya ba, nisa ne a raba da 624. Tsawonsa kuwa faɗin nan ne a ninka da nisa a raba da tsayin kamara. In `z` nisa ne, `f` 624, `h` kuma tsayin kamara:

```
fadi  = z / f
tsawo = z * z / (f * h)
tsawo / fadi = z / h
```

A mita 30 faɗin santimita 4.8 ne, teksel 6 da ɗan kai. Tsawon santimita 96, teksel 123. Tsirin ya fi faɗinsa tsawo sau 20, wato 30 a raba da ɗaya da rabi.

To amma teksel ɗin mifmaf an rage shi ne daidai wa daida ta gefe biyu. Ba shi da matakin da aka matse a tsawo aka bari a faɗi. Dole GPU ta zaɓi ɗaya: ko ta bi 6 ko ta bi 123. In ta bi 6, faɗi zai fito sarai amma a tsawo za ta tsallake mafi yawan zanen, rawa ta dawo. Shi ya sa take bin babba. `log2` na 123 ya kusa 7, kuma a mataki na 7 zanen kwalta gaba ɗaya ya koma teksel 8 sau 8. Kowane teksel mita ɗaya ne cur.

Farin layin na yi shi santimita 12. A mita 30 ya kamata ya ci fiksel biyu da rabi a fuska, abin da ido zai gani sarai. Amma an riga an dama shi cikin teksel mai faɗin mita ɗaya, kashi ɗaya fari cikin takwas, saura baƙar kwalta, kuma wannan teksel yana shimfiɗuwa a kan fiksel sama da 20. Abin da Kawu ya kira shafa da tsumma ke nan. Bayanin layin yana nan a mataki na 2 da na 3, ba a kai gare shi ba ne kawai, saboda wani gefe daban da bai shafi layin ba.

Na ga wasu suna maganin wannan da jan mataki baya, su ba `texture()` lamba ta uku kamar `-2.0`. Na gwada don in gani. Layin ya ɗan dawo, amma jan yana shafar kowane gefe da kowane nisa, tsakuwar da ke jikin kwalta ta koma rawa, a na kusa ma. Musayar wata cuta ce da wata. Na cire.

Talata, 26 ga Nuwamba 2024

An ɗan samu tsaiko, kuran yana zuwa yana tafiya a makon nan, ga bikin gida. Yau na zauna kan tacewar anizotirofik, wadda zan riƙa kira anizo.

Tunaninta ba shi da wuya. Maimakon samfuri ɗaya babba da zai rufe dogon tsirin, sai a jera ƙananan samfura da yawa a bisa tsawonsa, kowanne daga matakin da ya dace da faɗin, sannan a haɗa matsakaicinsu. A tsawo an gauraya duk abin da ya kamata, rawa ba za ta dawo ba. A faɗi ba a dama abin da bai kamata ba.

A OpenGL na kwamfuta sai a siga ta 4.6, a 2017, ta shiga cikin ainihin ƙa'ida. A WebGL har yanzu ƙari ce da ake roƙo, kuma waya tana iya cewa ba ta da ita.

```js
const ext = gl.getExtension('EXT_texture_filter_anisotropic');
if (ext) {
  const max = gl.getParameter(ext.MAX_TEXTURE_MAX_ANISOTROPY_EXT);
  gl.texParameterf(gl.TEXTURE_2D, ext.TEXTURE_MAX_ANISOTROPY_EXT,
                   Math.min(8, max));
}
```

Tawa ta amsa da 16. Takardar da ta bayyana ƙarin ta ba da misalin lissafi kamar haka, ko da yake ta bar wa masu ƙera GPU damar bin tasu hanyar:

```
N      = min(ceil(Pmax / Pmin), maxAniso)
mataki = log2(Pmax / N)
```

`Pmax` shi ne dogon gefe, `Pmin` gajere, `N` yawan samfura, `maxAniso` kuma iyakar da ka sa. A mita 30, dogon 123 ne. In iyaka 2 ce, ana raba shi biyu, a sauka mataki na 6, teksel rabin mita. In 4 ce, mataki na 5, santimita 25, layin ya fara bayyana amma a kumbure. In 8 ce, mataki na 4, santimita 12 da rabi, daidai faɗin layin. In 16 ce, mataki na 3, santimita 6 da ɗan kai, layin yana da teksel biyu nasa na kansa. Duk ninki ɗaya na iyaka yana sayo mataki ɗaya tak. Da na mayar da zanen launuka na ga haka ƙuru-ƙuru: ina ɗaga lambar, launukan ƙasa suna ja da baya zuwa nesa, na bango ba su motsa ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne batun tsada. Mutum zai ji 16 ya ɗauka kowane fiksel zai karanta 16 sau 8, teksel 128. Amma lambar iyaka ce, ba umarni ba. Bangon da ke fuskantarka samfuri ɗaya yake ci ko me ka sa. A ƙasa kuma, da na sauya lissafin daga mita zuwa layukan fuska, sai na ga tsayin kamara ya fice daga ciki gaba ɗaya: in kamara tana kallon gaba sak, tsawon tsiri a kan faɗinsa 624 ne a raba da yawan layukan da ke tsakanin fiksel da inda ƙasa ta haɗu da sama. Daga can zuwa gindin fuska layuka 360 ne. Waɗanda suke bukatar fiye da 4 su ne 156 na sama. Masu bukatar fiye da 8, layuka 78. Masu bukatar fiye da 16, layuka 39 kacal, kuma duk duniyar da ta wuce mita 24 a cikin waɗannan 39 take cushe.

Saboda haka na tsaya a 8 ga kwalta da jar ƙasar gefenta. Bambancin 8 da 16 a cikin layuka 78 kawai yake, kuma a waya, moto yana gudu, sai na tsayar da hoto na ƙura ido kafin na gan shi. Gaban shaguna da allunan da ke kallon mai tuƙi ban sa musu ba. Shingen kwano kuwa na sa masa, kuma da farko ban yi niyya ba. Shingen da ya bi gefen hanya a tsaye yake, amma ga mai tuƙi shi ma a karkace yake: wanda ke mita 4 daga gefenka, a nisan mita 40, tsirinsa ya fi faɗinsa sau 10. Karkata ba ta ƙasa kaɗai ba ce, ta duk abin da kake kallo ta gefe ce.

Iyakarta ita ma tana nan. A mita 60 tsirin ya kai ninki 40, ko da 16 sai an koma mataki na 5. Dishi-dishin bai tafi ba, an dai kore shi zuwa inda layin kansa bai fi fiksel ɗaya da rubu'i ba. Can zan sa hazon hunturu na gaske in lokacinsa ya yi.

Alhamis, 5 ga Disamba 2024

Ƙanwata ta zo da ƙorafi.

"Yaya, a tawa wayar har yanzu hanyar nan kamar kunu."

Tsohuwar waya ce, `getExtension` ta mayar da `null`. Kuma irin wayoyin da yawancin waɗanda nake so su buga wasan suke riƙe da su ke nan, ba zan ce su sayi sabuwa ba.

Mafita ta fito daga abin da na rubuta ranar 12: GPU ba mita take ƙirgawa ba, teksel take ƙirgawa. Kuma kwalta ba ta da wani bayani mai yawa a tsawonta. Layin fari, bakin kwalta, sawun tayoyi, duka a faɗi suke bambanta, a tsawo kusan abu ɗaya ne yake maimaituwa. Sai na yi wani zanen kwalta mai 1024 a faɗi amma 256 kawai a tsawo, a kan mita 8 ɗin nan dai. A faɗi teksel 128 a mita kamar da, a tsawo 32.

A mita 30, tsirin mai santimita 96 yanzu teksel 31 yake tsallakewa, ba 123 ba. GPU ta zaɓi mataki na 5 maimakon na 7, teksel ya zama santimita 25 a faɗi. Daidai abin da anizo mai iyaka 4 yake bayarwa, ba tare da ƙarin samfuri ko ɗaya ba, zanen ma ya ragu zuwa rubu'in nauyinsa.

Ba kyauta ba ce. A gindin fuska, kusa da tayar gaba, tsakuwar kwalta ta miƙe ta zama ja-ja, kodayake in moto yana gudu kamar saurin tafiya ne ya ja ta, ba ta dame ni ba. Babbar illar tana mararraba. In ka tsaya kana kallon hanyar da ta gitta gabanka, dogon tsirin yana bin gefen mai 128, mataki na 7 ya dawo, kuma a wannan mataki kowane teksel ya kai mita 4 a ɗaya gefen. Tsinke-tsinken farin layi sai su haɗe su zama abu ɗaya. Dabarar tana aiki ne kawai in ka san ta ina za a kalli abu, kuma a wasan tuƙi mafi yawan lokaci an sani. Na bar mararraba da zanenta na asali mai murabba'i, miƙaƙƙiyar hanya ta ɗauki sabon. A wayoyin da suke da anizo na bar tsohon zane ko'ina.

Akwai wata hanyar da na auna a takarda ban bi ba: ɗaga kamara. In ta koma mita 3, bayan mai tuƙi, ninkin da ke mita 30 ya sauko daga 20 zuwa 10, mataki ɗaya ke nan kyauta. Amma wasan na idon ɗan kabu-kabu ne, ba zan sauya shi saboda farin layi ba.

Asabar, 14 ga Disamba 2024

Kawu ya sake gwadawa a wayata da ta ƙanwata. Ya ce layin ya samu. Sai ya nuna itatuwa.

"Waɗannan bedin na nesa fa, awaki sun cinye su?"

Mifmaf ne nan ma, ta wata ƙofa. Ganyen zane ne mai ramuka: kowane teksel yana da `alpha`, 1 a ganye, 0 a sarari, kuma duk fiksel da nasa bai kai 0.5 ba ina yar da shi da `discard`. In aka rage hoton, ganye siriri ɗaya da sarari uku suna haɗuwa su ba da 0.25, a yar da shi. Kowane mataki yana cin wani kaso, shi ya sa itace yake yin sanƙo yana nisa, ya cika da ganye yana matsowa. Ganyen bedi kuwa sirara ne, abin ya fi kama shi. Anizo ba ruwansa da wannan.

Abin da zan yi shi ne in daina barin `generateMipmap` ta yi wa ganye matakai. Zan ƙirga kason teksel da suka wuce 0.5 a mataki na 0, sannan a kowane mataki na ƙasa in ninka `alpha` da lambar da za ta mayar da kason daidai da na asali, in nemo lambar ta hanyar raba tazara biyu-biyu har ta dace. Wannan aikin kwamfuta ne kafin a ɗora wasa, ba na waya ba. Na rubuta ɓangaren ƙirgawa yau, saura na ninkawa da zuba matakan ɗaya bayan ɗaya. Bayan itatuwa sai hazo, sannan in koma kan fasinja da kuɗin kai shi, waɗanda na ajiye tun farkon Nuwamba.